Baba ya gaji da wankin ƙoda: in mun daina kai shi, mu muka kashe shi?

Sani_Gwammaja: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, kuma don Allah wanda ya sani ya yi magana. Mahaifinmu shekararsa 79. Ciwon suga da hawan jini suka cinye masa ƙoda, wata takwas ke nan ana masa wanki sau biyu a mako. Bayan ƙaramar sallah ya samu shanyewar ɓarin jiki, yanzu ba ya tashi, magana ma sai an kasa kunne. Duk ranar wanki sai mu huɗu mun ciccibe shi zuwa mota. A kan injin jininsa faɗuwa yake, sau biyu ana tsayar da wankin tun ba a yi rabi ba. Robar da aka saka masa a wuya ta yi ruwa, an cire an mayar cinya. Shekaranjiya ya riƙe hannuna ya ce, "Sani, ku bar ni haka." Likita ya ce mu je mu yi shawara. Yayanmu ya ce duk wanda ya kawo maganar dainawa so yake ya kashe Baba. Ni kuma ban san me zan ce wa Allah ba, ko ta nan ko ta can.

Hajiya_Balaraba: Wa alaikumus salam. Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ne. Ɗana, sannu. Irin wannan sai wanda ya gani.

AbuHanan99: Babu wata shawara a nan. Rai na Allah ne, shi ya ba da, shi zai karɓa. Wannan abin da Turawa suke yi ne, a tsira wa tsoho allura a ce tausayi. Allah ya ce kada ku kashe kanku, yana cikin Suratun Nisa'i aya ta 29. Kuma akwai hadisin mutumin da rauni ya dame shi, ya ɗauki wuƙa ya yanke hannunsa jini ya zuba har ya mutu, Allah ya ce bawana ya yi mini gaggawa da ransa, na haramta masa Aljanna. Ku ci gaba da kai shi ko da gidan za ku sayar.

Sani_Gwammaja: Malam AbuHanan, ban ce allura ba. Wallahi ko a mafarki. Cewa na yi a daina kai shi kan injin.

AbuHanan99: Duk ɗaya ne. Ka san in an daina zai mutu.

Malam_Habu_Zariya: A'a, ɗan'uwa, ba ɗaya ba ne a wurin malamai, ko da yake ayar da hadisin da ka kawo duk daidai suke a mahallinsu. Mutumin can na hadisi shi ya kawo sanadin da ya kashe shi da hannunsa, raunin bai kashe shi ba, wuƙar ce. Mahaifin Malam Sani kuwa ciwon ƙoda ne ke cinsa, injin tare ciwon yake yi. Tambayar ita ce, shin neman magani wajibi ne a kowane hali? Jumhurun malamai na da ba su ce wajibi ne ba. Suna kafa hujja da matar nan mai farfaɗiya da ta zo wurin Annabi (SAW), ya ce in ta so ya yi mata addu'a ta warke, in ta so ta yi haƙuri Aljanna tata ce, ta zaɓi haƙuri, bai tilasta mata ba. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi a zamanta na Jidda a 1992 ta raba hukuncin: magani yana zama wajibi idan barinsa zai kai ga halaka ko lalacewar wata gaɓa ko cutar ta yaɗu ga wasu, yana zama mustahabbi, yana zama halal kawai, har yana zama makaruhi idan ana tsoron wahalar maganin ta fi ta cutar.

Rukayya_M: To Malam ai ka ba AbuHanan gaskiya ba ka sani ba. Ka ce wajibi ne idan barinsa zai kai ga halaka. Barin wankin ƙoda ina yake kaiwa?

Malam_Habu_Zariya: Tambaya ce mai kyau, 'yar'uwa. Yadda na fahimta, wajibcin yana tare da rinjayen zaton cewa maganin zai amfanar. Saurayi ɗan talatin da ƙodarsa ta tsaya, wanki zai ba shi shekaru har a samu dashe, wannan ba zan ce masa ya bari ba. Dattijon da jikinsa ya daina ɗaukar wankin, wannan wata magana ce. Amma ba ni zan ce ya daina ɗauka ba, aikin likitoci ne. Fatawar da kwamitin fatawa na Saudiyya ya bayar kan barin farfaɗo da zuciyar wanda aka fid da tsammanin warkewarsa ma, a hannun ƙwararrun likitoci uku amintattu ta ɗora abin.

Dr_Zainab_K: Sannu Malam Sani. Ban ga Baba ba, don haka ba zan yanke hukunci a kansa ba, amma bari in faɗa maka abin da ya kamata ka sani kafin ku zauna.

Abin da ka faɗa na faɗuwar jini a kan injin shi ya fi jan hankalina. Cikakken wanki kamar awa huɗu ne, sau uku a mako, injin yana janye ruwa da dattin jini. Idan zuciya ta yi rauni, da an fara janye ruwan sai jini ya faɗi, a tsayar. Ka ga an sha wahalar mota, an biya kuɗi, amma jinin bai wanku ba. Kuma kowace faɗuwar jini tana taɓa ƙwaƙwalwar da ta riga ta samu matsala. Wani lokaci ana iya gyarawa: a rage saurin janye ruwa, a sanyaya ruwan wankin kaɗan, a daina ba shi maganin hawan jini da safiyar ranar wanki, a duba ko nauyin da ake son a mayar da shi bai yi ƙasa da yawa ba. Ka tambayi likitansa kai tsaye, an gwada waɗannan? Idan ba a gwada ba, ku nemi a ɗiba lokaci, a ce mako uku ko huɗu, a faɗi tun yanzu abin da ake son gani: yana kammala wankin, yana farfaɗowa washegari, yana cin abinci. In lokacin ya cika ba a gani ba, kun samu amsa daga jikinsa.

Abu na biyu, in an daina me zai faru. Wanda ba ya fitsari sam, galibi mako ɗaya ne zuwa biyu. Wanda ƙodarsa ke ɗan aiki yana iya kai makonni, wani har watanni. Barci ne ke yawaita, cin abinci ya ragu, har ya daina farkawa. Sinadarin fotashiyam yana taruwa a jini, shi ne yakan tsayar da zuciya. Abin da ke wahalarwa shi ne ruwa ya taru a huhu numfashi ya yi wuya, sai ƙaiƙayi, tashin zuciya da fizgar jiki. Duk waɗannan akwai maganinsu. Daina wanki ba ya nufin a ɗauko shi a ajiye a ɗaki a rufe ƙofa.

Sani_Gwammaja: Na gode Likita. Yana ɗan fitsari, bai kai kofin shayi ba a yini. Maganar maganin hawan jini kuwa ba wanda ya taɓa ce mana kada a ba shi ranar wanki. Zan tambaya.

Dr_Zainab_K: Tambaya za ka yi, kada ka dakatar da kanka.

Ɗan_Maraɗi: Mu ma mun ga haka da gyatumarmu. Ta kwana tara kan na'urar numfashi bayan haɗarin mota, likitoci suka ce ƙwaƙwalwa ta mutu. Limaminmu ya ce malamai sun zauna a Amman a 1986 sun halatta a cire. Aka cire, ko minti ashirin ba ta yi ba. Ku cire kawai, ba ku da laifi.

Malam_Habu_Zariya: Allah ya jiƙanta. Amma Alhaji, mas'alarku daban ce. Wancan zama na Amman a kan wanda ƙwaƙwalwarsa ta daina aiki gaba ɗaya ne. Majalisar Fiƙihu ta Makka ma a 1987 ta yarda a cire na'urar, sai dai ta ce ba za a hukunta mutuwarsa ba sai zuciya da numfashi sun tsaya. Mahaifin Malam Sani yana gane 'ya'yansa, yana riƙe hannu, yana magana. Kada mu ɗora masa fatawar da ba tasa ba.

Ɗan_Maraɗi: To, na ɗauka duk inji inji ne.

Bashir_Falsafa: Ku yi haƙuri zan ɗan tsokano tsuliyar dodo. Ni wannan bambanci na "kashewa" da "bari ya mutu" bai taɓa gamsar da ni ba. Uwar da ta ƙi shayar da jaririnta har ya mutu, ba ta ɗaga masa hannu ba, amma wa zai ce ba ita ta kashe shi ba? Idan rashin aikatawa yana iya zama kisa, to ba za ku ɓuya a bayan "mu ba mu yi komai ba". Sannan ta ɗaya ɓangaren: kun yarda ya mutu cikin kwana goma yana fama da numfashi, amma ba ku yarda ya mutu cikin minti goma yana barci ba. Sakamakon ɗaya ne, na biyun ma ya fi sauƙi a gare shi. To wa ake kāre wa, majinyacin ko hannun likita?

AbuHanan99: Ka ji irinta ko. Daga a daina wanki an kai ga allura. Ga abin da nake gudu.

Malam_Habu_Zariya: Malam Bashir, rabin farko na maganarka fiƙihu ya riga ka. A mazhabarmu ta Malikiyya wanda ya hana mutum abinci ko ruwa da gangan har ya mutu, kisa ake ɗauka. Ba wanda ya ce duk barin abu tsira ne. Nonon uwa yana raya jariri tabbas, ba ya cutar da shi, kuma jaririn bai ce ba ya so ba. Wankin nan ana kokwanton amfaninsa, yana wahalarwa, mai jikin kuma ya ce ya isa. Shi ya sa ko an daina wankin, ba a daina miƙa masa kunu da ruwa ba muddin yana iya haɗiyewa.

Grace_Kafanchan: Ni nas ce, kuma Katolika. Abin mamaki kusan inda Malam Habu ya tsaya nan cocinmu ta tsaya. Tun 1957 Fafaroma Pius na 12 ya ce ba dole ba ne a yi amfani da hanyoyin da suka wuce kima, amma kisan tausayi haramun ne. Malam Bashir, ga yadda nake gwada niyya. Akwai wata budurwa a Amurka, Karen Ann Quinlan, da ta yi doguwar suma. Iyayenta suka je kotu, a 1976 aka ba su izinin cire na'urar numfashi. Aka cire, sai ta ci gaba da numfashi da kanta, ba ta rasu ba sai 1985, kuma ana ciyar da ita duk tsawon shekarun. Ba wanda ya ce aiki bai yi ba a nemo wata hanya. Wanda ya daina wanki, in Baba ya ƙara wata shida murna zai yi. Mai allura kuwa in majinyacin ya farka, ƙara masa wata zai yi, don mutuwar ce abin da ya zo nema.

Bashir_Falsafa: Sista, wannan ya taɓa ni, ba zan ƙi ba. Amma niyya abu ce ta zuci. Akwai magajin da zai ce a daina wanki yana ƙirga gidaje a ransa.

Grace_Kafanchan: Akwai. Shi ya sa ba a bar wa mutum ɗaya shawarar.

Hadiza_Utrecht: Ina zaune a Holan, ina aiki a gidan kula da tsofaffi, bari in faɗi yadda abin yake don na ga AbuHanan yana zaton kama tsoho ake yi a tsira masa. Dokar kisan tausayi ta fara aiki a 2002. Sai majinyaci ya nema da kansa, yana cikin wahalar da ba zai iya jurewa ba kuma babu alamar sauƙi, wani likita na daban ya gan shi, bayan an yi kuma a kai rahoto ga kwamiti ya bincika. A 2022 kusan kashi 5 cikin 100 na mace-macen ƙasar ta wannan hanya ce. Na san tsofaffin da suka nema suna cikin hayyacinsu, iyalansu kuma ba mugayen mutane ba ne.

Amma abin da ya sa ban saki jiki da shi ba, iyakar ba ta tsayawa wuri ɗaya. A 2016 wata tsohuwa mai ciwon mantuwa, wadda ta rubuta tun tana da hankali cewa a yi mata, an zuba mata maganin barci a kofi, da aka zo yin allurar ta motsa, sai danginta suka riƙe ta. An gurfanar da likitar, kotu ta wanke ta a 2019. Beljiyam ta cire iyakar shekaru a 2014. Kanada ta fara a 2016 da waɗanda ajalinsu ya kusa, a 2021 ta cire wannan sharaɗi. Kuma a nan ma, su da kansu ba sa lissafa daina wankin ƙoda a cikin wannan doka. Aikin likita ne na yau da kullum, mutuwar ma mutuwar Allah da Annabi ake rubuta ta.

Barista_Nura: Ta fuskar doka a Najeriya: allurar kisa kisan kai ce ko da mai ran ya roƙa, taimaka wa mutum ya kashe kansa ma laifi ne, Kudu da Arewa. Amma baligi mai hankali yana da ikon ƙin magani. Kotun Ƙoli ta tabbatar da haka a 2001 a shari'ar likita Okonkwo, inda wata mata 'yar Shaidun Jehobah ta ƙi ƙarin jini har ta rasu, kotu ta ce likitan bai yi laifi ba da ya mutunta zaɓinta. Saboda haka Malam Sani, idan Baba yana cikin hayyacinsa, maganar ba taka ba ce, ba ta Yaya ba ce, tasa ce. A sa likita ya tambaye shi a gaban shaidu, a rubuta a fayil.

Dr_Zainab_K: Daidai, Barista, da ƙari ɗaya. "Ku bar ni haka" da aka faɗa da yammacin ranar wanki, jiki duk ya mutu, ba ya isa. A tambaye shi washegarin wanki da safe lokacin da kansa ya fi washewa, a sake tambaya wata rana. A faɗa masa ƙarara cewa dainawa na nufin ajali na iya zuwa cikin makonni, a ji ko zai iya maimaita abin da ya fahimta. A kuma duba ko ciwon damuwa ne, don yana yawan biyo bayan shanyewar jiki kuma yana jin magani. Wani in ka bincika, abin da yake nufi shi ne a daina jijjiga shi a mota, ko ya ji ana ƙus-ƙus ɗin kuɗi a tsakar gida.

Maman_Iman: Yauwa, Likita ta taɓo inda kowa ke kewayewa. Kuɗi. Duk wannan muhawara ta masu zaɓi ce. Mijina shekararsa 44, wankin yana karɓarsa sarai, washegari har kasuwa yake fita. Mun sayar da fili, mun sayar da mota, na sayar da ɗan kunnena da na 'yata. Daga sau biyu a mako muka koma sau ɗaya, muka koma sai ya kumbura ya kasa kwanciya. Ranar ƙarshe aka miƙo mini takarda na sa hannu cewa mu muka tafi da shi ba da yardar likita ba. Kwana goma sha ɗaya ya yi. Ku gaya mini, wannan wane suna gare shi a cikin sunayen da kuke jerawa?

Hajiya_Balaraba: Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙansa, ya raya abin da ya bari.

Malam_Habu_Zariya: 'Yar'uwa, ke ba ki da laifi, Allah ba ya ɗora wa rai sai abin da zai iya. In akwai abin tambaya, yana kan masu hali da masu mulki da suka bar ku ku kaɗai.

Bashir_Falsafa: Wannan ma ita ce hujjar da ta fi ƙarfi a kaina. A inda magani ya fi ƙarfin aljihu, in aka halatta allura, talaka ne zai fara "zaɓarta". A ƙa'ida har yanzu ban ga an rushe maganata ba, amma ba zan so a kawo dokar nan ƙasar ba.

AbuHanan99: Maman Iman Allah ya ba ki haƙuri. Ni dai har yanzu ina kan bakata game da Baba. Likita ba ya sanin gaibu. Kawuna an ce ba zai kwana ba, ya yi shekara shida. Kuma na ji in an daina wankin morfin ake ɗura wa mutum har ya tafi, to ina bambanci da na Holan?

Grace_Kafanchan: Ba haka ake ba da shi ba. Ana farawa da ɗan kaɗan, a ƙara gwargwadon ciwo ko sarƙewar numfashi, in ya samu sauƙi a tsaya a nan. Wanda aka yi wa haka ba maganin ke kashe shi ba. Na Holan magunguna ne daban, ana ba da su da yawa lokaci guda don numfashi ya tsaya.

Dr_Zainab_K: Sai dai AbuHanan yana da 'yar gaskiya ba ta inda yake zato ba. Ƙoda ce ke fitar da ragowar morfin daga jiki, don haka a mai ciwon ƙoda yana taruwa, ya kawo ruɗewa da fizga da danne numfashi. An fi son fentanil in ana samu, in babu a rage morfin ɗin sosai a tsawaita tazara. Kada kowa ya sayo maganin ciwo a kemis ya ba irin su Baba. Maganar kawunka kuwa gaskiya ce, muna kuskuren kwanaki. Shi ya sa na ce a ɗiba lokaci a gwada.

Sani_Gwammaja: Na karanta duka, Allah ya saka. Yau na je na ga likitansa. Ya ce za a dakatar da ƙwaya ɗaya ranar wanki, a rage janye ruwan, a ga zama shida masu zuwa. Na gaya wa Yaya ya yarda da wannan. Amma da na ce in bai yi ba sai likita ya tambayi Baba da kansa a gabanmu, sai ya ce sam, ba za a kalli mahaifinsa a ce masa zai mutu ba, wannan ba tarbiyyarmu ba ce, kuma shi ne babba. Hajiyarmu ba ta ce komai ba, kuka kawai take.

Rukayya_M: Ku samu ƙanin Baba ko amininsa, wanda Yaya ba zai iya ɗaga wa murya ba. Kai ƙane ne, ko gaskiya ka faɗa ba zai ji daga bakinka ba.

Barista_Nura: Girman Yaya bai ba shi ikon hana a tambayi mai jiki ba.

Hajiya_Balaraba: Barista, a kotu ke nan. A gida in aka tsallake shi, bayan rai ya yi halinsa zumuncin ne zai watse. Sani, Baffanku na nan da rai?

Sani_Gwammaja: Yana Ɗanbatta, Hajiya. Sai dai shi ma ra'ayin Yaya gare shi.